Sharhi: Yaron da Ya Ajiye Fensir Kafin Ya Gwada

Sharhinmu na yau a kan ɗalibin da karatu ke ba wahala ne, musamman a kan ɗan lokacin nan da yake kallon tambaya a takarda, ya yanke wa kansa hukunci ko zai taɓa ta ko zai ajiye fensir. Duk malamin firamare ya san wannan yaro. Ana raba aikin lissafi, kafin a kai layi na ƙarshe ya riga ya kifa kai a benci, ko ya fara leƙen littafin na kusa da shi. A gida a ce masa malalaci, a makaranta a ce daƙiƙi. Ni ina ganin duka sunayen biyu sun kauce wa abin da ke faruwa. Yaron nan lissafi ya yi, kuma lissafinsa na da hujja: ya gwada sau da yawa ya faɗi, ya ƙaddara cewa wannan karon ma faɗuwa zai yi, don haka bai ga dalilin wahalar da kansa ba. Abin da nake son kafawa shi ne, wannan hukunci da yaro ke yanke wa kansa yana da hannu a tsawon nacinsa, kuma ba a sauya shi da daɗin baki. Ana sauya shi ne da sabuwar hujja.

Wanda ya fara tsara wannan magana a ilimin halayyar ɗan Adam shi ne Albert Bandura, haifaffen Kanada da ya yi aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka. A wata maƙala da ya buga a 1977, ya ce yardar mutum da cewa zai iya wani aiki takamaimai ita ke fayyace ko zai fara aikin, da yawan ƙarfin da zai sa, da tsawon lokacin da zai jure idan ya ci karo da cikas. Abin mamaki, ba a aji ya fara gano haka ba. Da manya masu tsananin tsoron maciji ya fara aiki, yana bi da su mataki-mataki, daga kallon maciji a keji har zuwa riƙe shi da hannu, ya lura cewa abin da mutum ya ce zai iya kafin gwaji yakan yi daidai da inda zai tsaya. A lura da kalmar takamaimai. Ba ana maganar mutum ya ji shi wani ne ba, ko ya riƙa ganin kansa da daraja. Yarinya na iya amincewa ɗari bisa ɗari cewa za ta karanta shafi guda na Hausa ba tuntuɓe, amma ta tabbata a ranta cewa ba za ta iya raba 84 gida 7 ba. Yarda biyu ce daban, kowace da tarihinta.

Gwajin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne wanda Bandura da ɗalibinsa Dale Schunk suka buga a 1981. Sun nemo yara 40 'yan firamare, masu shekara 7 zuwa 10, waɗanda malamansu suka shaida sun yi baya ƙwarai a lissafin ɗebewa kuma ba sa son ganin lissafi ko kaɗan. Aka shirya musu darasi mai shafi 42, an kasa shi kashi 7, kowane kashi shafi 6, kuma kowane kashi na farawa da bayanin ƙa'ida da misalai, yadda yaro zai iya bi da kansa. Aka ba su zama 7, kowane zama rabin awa. Takardu iri ɗaya, lokaci iri ɗaya. Bambancin kawai shi ne abin da aka faɗa musu. Rukuni na farko aka ba su shawarar su yi niyyar gama shafi 6 a kowane zama. Na biyu aka ce su yi niyyar gama duka 42 zuwa ƙarshen zama na bakwai. Na uku ba a sa musu wani buri ba, an dai ce su yi aiki. Akwai kuma rukuni na huɗu da ba a ba darasin ba, don a samu ma'auni. Yadda aka auna yardarsu ma abin lura ne: a nuna wa yaro irin tambayar na ɗan daƙiƙu kaɗan, lokacin da zai isa ya ga nauyinta amma ba zai isa ya warware ta ba, sai ya nuna a kan sikeli daga 10 zuwa 100 yadda ya tabbata zai iya irinta.

Da aka gama, yaran da aka ba burin kusa, wato shafi 6 a yau, su suka fi saurin ci gaba a darasin, suka fi cin jarrabawar ƙarshe, yardarsu da kansu ta fi ƙaruwa, kuma hasashensu a kan abin da za su iya ya fi dacewa da abin da suka iya ɗin. Da aka ba su zaɓi daga baya tsakanin ƙarin tambayoyin ɗebewa da wani aikin daban, su ne suka fi ɗaukar ɗebewar da kansu, yaran da aka zaɓo tun farko saboda ƙin lissafi. Su kuwa masu burin nesa, kusan ba su bambanta da waɗanda ba a sa wa buri ba. Shafi 6 sau 7 dai 42 ne, aikin bai ragu da layi ɗaya ba. Abin da ya sauya shi ne yaron farko yana tashi kowace rana da shaidar cewa ya ɗauki niyya ya cika ta, shi kuwa na biyu yana tashi kullum da sauran tulin da bai gama ba. Wanda ya taɓa zama a makarantar allo ba zai ji wannan baƙon abu ba. Malam ba ya cewa almajiri je ka ka sauke. Yakan rubuta masa 'yan ayoyi daidai ƙarfinsa, ya biya, ya kawo, idan ya zauna a wanke allo a yi masa ƙari, kuma wankin allon kansa shaida ce da yaro ke gani da idonsa.

To me ya haɗa wannan da naci? A 1982 wani binciken Collins ya kasa yara gida uku bisa ƙarfinsu a lissafi, masu rauni da matsakaita da masu ƙarfi, a kowane gida kuma ya ware masu yarda da iyawarsu da masu shakka. A duk matakan uku, masu yardar sun fi warware tambayoyi daidai, kuma sun fi komawa su sake gwada waɗanda suka faɗi. Wannan komawar ita ce zuciyar maganar. Koyo na faruwa ne a wurin da aka cije. Yaron da ya tsaya minti uku yana juya tambayar da ta gagare shi yana da damar gano kuskurensa, wanda ya tsallake ta nan take kuwa ya rasa wannan dama, gobe ma ya rasa, har zangon karatu ya ƙare tazarar da ke tsakaninsu ta zama ta gaske. A 1991 Multon da Brown da Lent suka tattara sakamakon bincike da dama suka haɗa, suka samu cewa wannan yarda na bayyana kusan kashi 14 cikin ɗari na bambancin sakamakon ɗalibai, da kusan kashi 12 na bambancin nacinsu, kuma alaƙar ta fi ƙarfi a wurin ɗaliban da ke baya fiye da waɗanda karatu ke tafiya musu daidai. Kashi 12 ba shi ne komai ba. Amma ya faɗo a kan yaran da muka fi damuwa da su.

Akwai suka mai nauyi a nan, kuma bai kamata a yi mata kwana ba. Mai sukar zai ce an ɗauki inuwa an mai da ita jiki: yaron da ya iya shi ke yarda da kansa, don haka iyawar ce ta haifi yardar, mu kuma muka juya zancen. Gaskiya bincike ya ba mai sukar rabo babba. Valentine da DuBois da Cooper sun tattara binciken da ya bi ɗalibai na tsawon lokaci, a 2004 suka nuna cewa idan aka cire tasirin sakamakon da ɗalibi ya riga ya samu a baya, abin da ya rage wa yarda da kai ƙarami ne, ko da yake bai ɓace ba. Wata tattarawar da Talsma da abokan aikinta suka yi a 2018 ta nuna hanyar na tafiya ta ɓangare biyu, amma wadda ta taso daga sakamako zuwa yarda ta fi ɗayar ƙarfi nesa ba kusa ba. Na karɓi wannan gaba ɗaya, kuma a ganina ƙarfafa zancen ya yi. Bandura da kansa ya jera hanyoyi huɗu da yarda ke samuwa, wato nasarar da mutum ya samu da hannunsa, da ganin wani irinsa ya yi, da maganar mutane, da yanayin jiki kamar faɗuwar gaba da gumin hannu, ya kuma ce ta farkon ta fi sauran ƙarfi. Idan yarda daga sakamako take fitowa, to malamin da ke son ta sai ya samar da sakamakon. Abin da sukar ta rushe shi ne tunanin cewa za a iya hura wa yaro yarda kamar balan-balan a bar karatunsa yadda yake.

An ma gwada hurawar. A wani bincike da Forsyth da abokansa suka buga a 2007, an ɗauki ɗaliban jami'a da ba su yi abin kirki ba a jarrabawar farko, ana aika wa wasunsu saƙon ɗaga daraja kowane mako tare da tambayar bita. Waɗanda suka fi rauni a cikin masu karɓar wannan saƙo, sakamakonsu ƙasa ya yi a jarrabawar ƙarshe. Haka kuma Jeffrey Vancouver da Kendall sun nuna a 2006 cewa ɗalibi guda, a lokutan da ya fi jin ya iya, yakan rage lokacin da yake ware wa karatu. Ashe yardar da ta wuce iyawa tana iya kashe naci kamar yadda shakka ke kashe shi. Shi ya sa nake ganin abin da ya fi daraja a gwajin 1981 shi ne yaran sun koyi auna kansu daidai. Ɗalibin da muke nema shi ne wanda zai kalli tambaya ya ce wannan zan iya, wannan kuma sai na daɗe a kanta, wancan ban kai ba tukuna.

Bari mu sauko da zancen cikin aji. A ɗauki yaro ɗan aji huɗu da aka ba 52 a ɗebe 38, ya rubuta 26. Aka ba shi 403 a ɗebe 157, ya rubuta 354. Malam mai gaggawa zai ja jan biro sau biyu ya wuce. Amma amsoshin nan ba na caca ba ne. A kowane layi yaron yana cire ƙaramar lamba daga babba ne, ko da wace ce a sama: 8 a ɗebe 2 saura 6, 5 a ɗebe 3 saura 2, ga 26. Wannan kuskure sananne ne, Brown da Burton sun bayyana shi tun 1978 cikin kurakuran da yara ke maimaitawa bisa ƙa'idar da suka ƙirƙiro wa kansu. Ma'ana yaron ya iya ɗebewa, abu guda ya rasa, shi ne aro. Amma shi bai san haka ba. Abin da ya sani shi ne yana bin hanyarsa da gaskiya, wani lokaci a ba shi maki, wani lokaci a hana shi, bai ga dalili ba. Yaron da ya kasa ganin alaƙa tsakanin ƙoƙarinsa da sakamakonsa, hankali ne ya sa ya daina ƙoƙari.

Abin da za a yi masa ba mai tsada ba ne. A fara da faɗa masa gaskiyar lamarin: duk tambayar da ba ta buƙatar aro kana cinta, abu ɗaya ne ke kayar da kai, kuma yau za mu kama shi. Sai a kawo tsinkaye ɗaure goma-goma. Ɗauri 5 da tsinke 2, a ce ya ba da tsinke 8. Zai ga da idonsa cewa 2 ba za su ba da 8 ba, sai ya kwance ɗauri guda, ya zama ɗauri 4 da tsinke 12. Ya cire 8 saura 4, ya cire ɗauri 3 saura 1, amsa 14. Burin ranar ya zama tambaya biyar ko shida masu lamba bibbiyu da aro sau ɗaya, kada a kawo masa sifili a tsakiya tukuna, domin 403 a ɗebe 157 na buƙatar aro ya ratsa ta kan sifili, mataki ne na gaba da ya cancanci ranarsa. Sannan a koya masa ya duba amsarsa da kansa ta hanyar tarawa: 14 da 38 sun ba da 52, an dace, 26 da 38 kuwa 64 ne, akwai gyara. Wannan dubawar na da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda ta ɗauke hukunci daga bakin malam ta sa shi a hannun yaro. Ran da ya kai ga 403 ya samu 246, ya tara da 157 ya ga 403 ta dawo, ba ya buƙatar kowa ya ce masa ya iya.

Maganar malam ma tana da gurbinta, muddin tana nuni ne ga abin da ya faru. Schunk ya gwada wannan a 1982 da yara masu rauni a ɗebewa: wasu ana ce musu lokaci-lokaci kun yi aiki tuƙuru, wasu ana ce musu kuna buƙatar yin aiki tuƙuru. Na farkon suka fi ci gaba a iyawa da yarda, na biyun ba su amfana ba. Jimlolin biyu sun yi kama, amma ɗaya na ɗaure ci gaban da yaro ya gani da ƙoƙarin da ya yi, ɗayar kuwa tuni ce cewa har yanzu bai kai ba. A kula da yawan “ka ƙara ƙoƙari” da muke rubutawa a katin sakamako. Akwai kuma tausayin da ke cutarwa. Binciken Sandra Graham ya nuna yara na karanta tausayin malam bayan faɗuwa, da taimakon da ba su nema ba, a matsayin alamar cewa malam ya ɗauke su marasa ƙwaƙwalwa. Haka yabo mai yawa a kan aiki mai sauƙi. Malamar da ta karɓe fensir ta ƙarasa wa yarinya aikin don kada ta ji kunya, da kyakkyawar niyya ta yi, amma ta ƙwace mata hujja. Mafi muni shi ne rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawa. Makin ya hau, yaron kuma ya san sarai ba nasa ba ne.

Wa ya kamata ya fito allo ya nuna? Al'adarmu ita ce a kira gwanin aji. Schunk da Hanson sun nuna a 1985 cewa yara masu rauni sun fi samun yarda idan suka kalli yaro ɗan'uwansu yana koyon ɗebewa fiye da idan suka kalli malami. A 1987, tare da Cox, suka gwada da lissafin ɓangarori, suka ga cewa kallon yaron da ya fara da kuskure da inda-inda sannan ya gyara a hankali ya fi amfanar masu rauni fiye da kallon wanda ya yi daidai tun farko. Dalilin a fili yake. Gwanin aji ba ya gaya wa na baya komai game da kansa, don na bayan ya riga ya sa gwanin a wani jinsi daban. Wanda jiya suke faɗuwa tare, yau ya tsaya ya kwance ɗauri ya samu 14, shi ne shaida.

Na san abin da malamin makarantar gwamnati zai ce: ina da yara sama da ɗari a aji, ga manhaja na kora ta, yaushe zan zauna da tsinkaye gaban yaro guda? Ƙorafin gaskiya ne, kuma babu wani binciken ilimin halayya da zai gina aji ko ya ɗauki malamai. Sai dai kuskuren aro ba na yaro ɗaya ba ne. Tambaya biyar a allo da minti goma na dubawa sun isa malam ya ware waɗanda ke cire ƙarama daga babba, ya haɗa su rukuni guda. Wannan shi ne tushen tsarin koyarwa daidai matakin yaro da ƙungiyar Pratham ta ɓullo da shi a Indiya, wanda aka kawo jihohi irin su Borno da Kano: a auna yara, a kasa su bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, a ware lokaci kullum ana aiki a wannan mataki, a sake aunawa a matsar da wanda ya wuce. An tsara shi ne don karatu da lissafi, amma a ganina yana yin abin da gwajin 1981 ya yi, domin yana ba yaron da ya shekara uku yana faɗuwa aikin da zai iya ci yau da guminsa. Manhajar da ke gudu ta bar rabin aji a baya kuwa, kowace safiya tana ƙara wa wannan rabin hujjar cewa ba za su iya ba.

Akwai iyaka da ya wajaba a faɗa. Bandura ya raba tsakanin yarda cewa zan iya aikin, da yarda cewa aikin zai kai ni wani wuri. Yarinyar da ta san za a cire ta daga makaranta ƙarshen shekara tana iya tabbata cewa ta iya lissafi, ta kuma ƙi wahalar da kanta, kuma ba shakkar kai ke damun ta ba. Haka yaron da ya zo da yunwa, ko wanda ba ya ganin allo da kyau, ko wanda ake koya masa da Turancin da bai fara ji ba. Malam na iya bambance su da gwaji mai sauƙi. Ya nuna wa yaro tambaya ba tare da ya ce ya yi ba, ya tambaye shi da Hausa, a keɓe, ko yana ganin zai iya irin wannan. Idan ya ce a'a alhali aikinsa na baya ya nuna yana dab da iyawa, matsalar yarda ce, sai a koma ga ƙananan matakai. Idan ya ce e da ƙarfi ya kuma faɗi, to bai san abin da tambayar ke nema ba, koyarwa yake buƙata da hanyar duba amsa. Idan kuwa ya ce zai iya, ya kuma iya ɗin idan an matsa, amma ba ya yi, sai malam ya ajiye littafin lissafi ya nemi ganin iyayensa.